Me ya sa nake karanta Alƙur'ani amma waƙoƙin ajami na kakana suke gagara ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na gaji wata gafaka ta kakanmu cike da takardun waƙoƙin Hausa da aka rubuta da ajami. Na yi Islamiyya har na sauke, amma in na ɗauki takardun nan sai in kasa wuce layi biyu. Ina matsalar take, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Takardun da ke hannunka an rubuta su ne domin mutumin da ya riga ya ji waƙar a kunnensa, ya san karinta, yana dai bukatar abin da zai tuna masa in ya manta. Kai kuwa ka zo musu da ido kaɗai. Yawancin wahalar daga nan take, sauran kuma daga irin hannun da aka yi rubutun da shi ne.

Bari mu fara kawar da ta hannun, don ita ce mai sauƙi. A Islamiyya ka yi karatu da bugun gabas, ruwayar Hafsu. Kakanka kuwa ɗan makarantar allo ne, ya yi babbaƙu da farfaru a kan ruwayar Warshu da rubutun Magariba, kuma a kan wannan rubutun aka gina ajamin Hausa. A wannan hannun, fa ɗigo ɗaya gare ta a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wato abin da idonka ya saba ɗauka fa ne, a wurin kakanka ƙaf ne. Inda ya rubuta "ƙasa" kai za ka karanta "fasa". Wannan kaɗai ya isa ya rikita maka shafi guda. Sai kuma wasalin e, wanda Larabcin Hafsu bai ba shi wata alama ta yau da kullum ba. Malamanmu sun ɗauko shi daga imalar Warshu: babban ɗigo a ƙarƙashin harafi, wanda ya fi ɗigon harafi kauri. In ka gan shi ƙarƙashin kaf, "ke" ne, kada ka ɗauke shi tabon tawada.

Sauran haruffan aro ne aka ba su sabon aiki. Angai shi ne g. Harafin da Larabawa ke furtawa da harshe tsakanin haƙora, mai ɗigo uku, shi ne c. Ɗa mai hannu shi ne ɗ, in an ɗora masa ɗigo uku ya zama ts. Lodi kuwa l ake karanta shi, shi ya sa muke cewa alwala da farilla da lalura. Zal da zaira da zadi duk z ne a bakin Bahaushe, sai dai malami yakan bar kalmar Larabci da harafinta na asali don girmama ta. Sau da yawa kuma n ɗin da ke ƙarshen kalma kamar "gidan" ba a rubuta ta da nun, sai a yi wasali biyu kamar tanwini. Kalmomi ma ba a raba su yadda boko ke rabawa, wakilin suna yakan manne da aikatau su zama dunƙule ɗaya.

Wannan duk mako biyu ya ishe ka ka saba da shi. Abin da ba ya saurin sabuwa shi ne wuraren da rubutun ya yi shiru.

Ajami bai taɓa samun hukuma ɗaya da ta daidaita shi ba, kowane gari da al'adarsa, kowane malami da hannunsa. Tsofaffin marubuta da yawa ba sa bambanta b da ɓ, "bata" da "ɓata" siffarsu ɗaya. Rufu'a ɗaya ce ke ɗaukar u da o, saboda haka "kura" ta daji da "kora" ta korar mutum iri ɗaya ake rubuta su. Wasu ba sa sa wa ɗa mai hannu ɗigo ukun nan, sai ɗ da ts su haɗe. Karin sautin murya kuwa ba a nuna shi sam, amma wannan boko ma bai nuna shi ba. Mutanen da ke yi wa ajami kallon rubutu mai naƙasa a nan suke kafa hujja. Ni dai ina ganin sun manta da abu ɗaya da ajami ya fi boko nesa ba kusa ba, wato tsawon wasali. Boko yana rubuta "gari" ko birni ake nufi ko garin tuwo. Ajami yana sa alif bayan angai in garin tuwo ne, ya bar shi in birni ne. Dogon wasali yana samun alif ko wau ko ya, gajere ba ya samu. Ga mai rubuta wasiƙa wannan ƙaramin abu ne. Ga mai waƙa kuwa shi ne komai, domin karin rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya.

Dalilin da ya sa akasarin abin da ke cikin gafakar waƙa ce, tsohon rabon aiki ne tsakanin harsuna. Malaman ƙasar Hausa da Larabci suke rubuta littattafan fiƙihu da tauhidi da tarihi, domin 'yan'uwansu malamai. A zaure ana karanta Ahlari da Iziyya da Risala da Larabci, malam yana fassarawa da baki, ɗalibi yana ɗan rubuta ma'anar kalma mai wuya da ajami tsakanin layuka. Amma manomi da makiyayi da matar aure a kulle ba za su zauna shekaru a zaure ba. Su aka yi wa waƙa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 ya rasu a 1817, ya yi shekaru wajen talatin yana yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi kafin hijirar 1804, kuma waƙa da Fulatanci da Hausa tana cikin manyan kayan aikinsa. Mafi yawan waƙoƙinsa na ajami da Fulatanci ne. Bayan kafuwar daula, da aka ga jama'ar da ake son karantarwa Hausa suke ji, sai 'ya'yansa, musamman Nana Asma'u da Isa, suka riƙa mayar da su Hausa. Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗin masu mulki da talakawa kan hisabi, ta wannan hanya ta iso mana: Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa.

Tsarin da Nana Asma'u ta kafa, ita da ta rayu daga 1793 zuwa 1864, shi ne zai fi nuna maka yadda takarda da baki suke aiki tare. Takan naɗa dattijuwa ta zama jaji, ta sa mata malfa. Jaji ta jagoranci 'yan taru daga ƙauyensu su zo wurinta, su karɓi waƙa, su hardace, su koma su koyar da matan da ba su iya zuwa ba. Kwafi ɗaya na takarda yana iya tsayawa a hannun mutum ɗaya, amma waƙar tana bakin mata masu yawa, suna rera ta suna daka ko kaɗi. A irin wannan tsari babu wanda ya damu da cewa ba a bambanta u da o a rubuce ba, domin mai riƙe da takardar ta riga ta ji kalmar daga bakin malamarta. Haka abin ya ci gaba har ƙarni na ashirin. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, Infiraji da baki ya tsara ta wasu suka rubuta, kuma mutane da yawa daga bakin makafi masu bara suka hardace ta.

To kai da ba ka da jaji, wa zai faɗa maka kalmar? Karin waƙar ne zai faɗa maka. Malaman nan sun sha Ishiriniya da Burda tun suna yara, sun karanci aruli, wato ilimin karin waƙar Larabci, sai suka zuba Hausa cikin bahar-bahar na Larabci irin su Kamil da Wafir da Ramal da Basiɗ da Mutaƙarab. Abin ya zauna daram saboda gaɓar Hausa ma iri biyu ce. Akwai sassauƙa, baƙi da gajeren wasali, kamar "mu" ko "da". Akwai nannauya, mai dogon wasali ko tagwan wasali ko wadda baƙi ya rufe, kamar "goo" da "mai" da "kan". Kowane bahari jerin sassauƙa da nannauya ne da ke maimaituwa, kuma in ka gano jerin daga baitocin da suka fito sarai, ka sami ma'aunin da za ka gwada kalmomin da suka shige maka duhu.

Ga misali da baitin da na tsara domin wannan bayani, a bisa Mutaƙarab:

Mu gode wa Allah, Gwani, Mai tsari,
Yakan ba wa bayi ruwa ran fari.

Ƙafar Mutaƙarab ita ce fa'uulun, wato sassauƙa ɗaya sai nannauya biyu. Rera ɗangon farko a hankali kana jan dogayen wasula: mu-goo-dee, wa-Al-lah, gwa-nii-mai, tsa-rii. Ƙafa uku cikakku, ta huɗu an datse mata gaɓa ɗaya ta zama sassauƙa da nannauya. Ɗango na biyu haka yake: ya-kan-baa, wa-baa-yii, ru-waa-ran, fa-rii.

Yanzu a ce a takardarka kalmar ƙarshe ta ɗangon farko ta zo da ɗa mai hannu ba ɗigo, kuma gara ta ci wurin da ke bayansa, ba ka iya gane ko akwai alif ko babu. Abin da ya rage maka shi ne harafin farko, da ra, da ya. Kalmomi huɗu za su iya zama a wurin: ɗarii na ƙidaya, ɗaarii na hunturu, tsarii na kariya, da tsaarii na shiri. Ma'ana kaɗai ba za ta raba maka gardama ba, domin "Mai tsaarii" ma yabo ne da ya dace da Ubangiji. Amma ƙafar ƙarshe tana neman sassauƙa kafin nannauya. Tsaarii da ɗaarii nannauya biyu ne, in ka rera su za ka ji harshenka ya yi tuntuɓe, sun fita. Saura ɗarii da tsarii, kuma "Mai ɗari" ba ta da wurin zama a yabon Allah. Ka sami kalmarka. Haka "fari" na ɗango na biyu: kari ya kore faarii mai nufin farko, ruwan da aka ambata ya kore fari na launi, ya bar fari na rashin damina. Ka lura, a boko duk waɗannan da ka rubuta "tsari" da "fari" ka shafe bambancin. Shi ya sa mai nazarin kari yakan fi son ganin kwafin ajami ko da akwai bugun boko.

Wannan ma'auni yana da iyaka. Bahar-bahar suna da sassauci da aruli ya yarda da shi, wata nannauya tana iya zama sassauƙa a wasu gurabe, saboda haka kada ka yanke hukunci da baiti ɗaya, auna goma tukuna. Mawaƙi kuma yakan ja gajeren wasali ko ya gajarta dogo don larurar waƙa, mai kwafi ya rubuta yadda ake rerawa. Gaɓar ƙarshen ɗango kullum nannauya ake ɗaukar ta. Kuma ba kowace waƙa ce ke bin baharin Larabci sak ba, wasu karin waƙar baka suka ara.

Inda kari ya fi amfani shi ne wajen kama hannun masu kwafi. Waƙoƙin ƙarni na sha tara da yawa da Hausar yamma aka yi su, ta Sakkwato da Gobir da Kabi: "anka", "munka", "yat tafi", "shi" a inda Bakano zai ce "ya". Mai kwafi daga gabas yakan gyara zuwa Hausar garinsa ba tare da ya lura ba. "Anka" nannauya ce da sassauƙa, "aka" sassauƙa biyu ce. In ka ga baiti ya rasa nauyi daidai inda aka rubuta "aka" ko "muka", mayar da nun ɗin ka sake rerawa, sau da yawa sai ka ji ya miƙe. Ni shawarata, in kana juya waƙa zuwa boko, kada ka daidaita mata Hausa. Bar ta da Sakkwatancinta. Mutane da yawa masu kyakkyawar niyya sun karya waƙoƙi da sunan gyara.

Sanin ginin waƙar ma yana rage rabin aiki, domin malaman wa'azi kusan hanya ɗaya suke bi. Ana buɗewa da sunan Allah da gode masa, sai salati ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da alayensa da sahabbai. Daga nan mawaƙi ya kira jama'a su saurara, ya shiga jigo. In wa'azi ne za ka ji rudin duniya, mutuwa, kwanciyar kabari, tambaya, tashi, mizani, siraɗi, wuta da aljanna, galibi a wannan jeri. In furu'a ce za a jero farillan alwala da sunnoninta da abin da ke warware ta, yadda mai hardace waƙar ya hardace babin fiƙihu ke nan. In madahu ce siffofin Annabi da mu'ujizozinsa za ka tarar. Idan ka gane irin waƙar daga baiti na biyar ko na shida, ka riga ka san kalmomin da za ka ci karo da su.

Duba kuma yawan ɗango a kowane baiti. Ƙwar biyu ita ce tsohuwar siffa, amsa-amo ɗaya daga farko har ƙarshe. In ka ga ƙwar biyar, tsaya ka bincika ko tahmisi ne. Tahmisi shi ne wani ya ɗauki waƙar wani mai ƙwar biyu, ya ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti, masu amsa-amo irin na ɗangon farko na mai asali. Ishiriniyar da ake karantawa a ƙasar nan ma haka take, asalin na Alfazazi ne, tahmisin na Ibn Mahib. Hanyar ganewa ita ce ka karanta ɗango na huɗu da na biyar kaɗai daga baiti zuwa baiti. In suka ba da waƙa mai tafiya da kanta ba tare da ukun farko ba, to mawaƙa biyu ne a takardar, kuma sunan da za ka gani a ƙarshe yana iya zama na mai tahmisi. Rashin lura da wannan ya sa an jingina wa mutane waƙoƙin da rabinsu kawai suka yi.

Baitocin ƙarshe su ne suka fi daraja ga mai bincike, don haka ni da su nake fara karatu. A nan mawaƙi yakan faɗi sunansa ko na mahaifinsa, ya nemi addu'a, wani lokaci ya faɗi adadin baitoci. In ya ce baiti sittin ne kai kuma ka ƙirga hamsin da huɗu, ka san akwai warƙar da ta ɓata ko mai kwafi ya yi tsallake. A nan kuma ake sa ramzi, wato kalmar da jimillar ƙimar haruffanta ke ba da shekarar Hijira. Tarkon da ke ciki shi ne lissafin abajada iri biyu ne, kuma malamanmu na Magariba suke bi. A lissafin gabas shin 300 ne, angai 1000. A na Magariba shin ne 1000, sin 300, sodi 60, lodi 90, zadi 800, angai 900. A ce mawaƙi ya ce ramzin shekararsa "nabshiru". Haruffan su ne nun, ba, shin, ra, ba a ƙirga wasula. Nun 50, ba 2, shin 1000, ra 200, jimilla 1252. Don samun shekarar Miladiyya a kusance, ninka da 0.97 ka ƙara 622, za ka sami 1836, kuma shekarar 1252 ta faro ne a 1836 ta ƙare a 1837. Da ka bi lissafin gabas da 552 za ka samu, shekarar da ba ta da alaƙa da takardarka. Alama mai sauƙi: kusan duk ramzin ƙarni na goma sha uku na Hijira yana ɗauke da shin da ra, domin su ne 1200, na ƙarni na goma sha huɗu kuma shin da sin. Ka tuna ramzi shekarar tsara waƙa yake faɗa. Takardar kanta tana iya zama kwafin da aka yi shekara tamanin bayan haka, kuma sunan da ke can ƙasa bayan an rubuta "tammat" galibi na mai kwafi ne.

Kafin ka yi ko ɗaya daga cikin wannan, kada ka yamutsa takardun. Littattafanmu ba a ɗinke su, warƙa-warƙa ne, kuma ba lambar shafi. Abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalma ɗaya da ake rubutawa a kusurwar ƙasa ta bayan warƙa, wadda ita ce kalmar farko ta warƙa mai biyowa. Ɗauki hoton kowace warƙa gaba da baya a jerin da ka same su, sa'an nan ka bi waɗannan kalmomi ka ga inda sarƙar ta tsinke. Kada ka manna salatif a inda ya yage, kada ka kai su a rufe da roba mai zafi, kada ka bi tsohuwar tawada da biro.

Bayan haka nemi dattijo ko dattijuwa a danginku ko unguwarku, ka karanta musu baitin farko ko da da tuntuɓe. Akwai yiwuwar wani ya karɓe daga bakinka ya ci gaba da rerawa, musamman in sananniyar waƙar wa'azi ce ko ta bege. Ɗauki muryarsa a waya, ka zauna da takardar kana bi da yatsa. Waƙa ɗaya da ka bi haka daga farko har ƙarshe za ta koya maka hannun kakanka: yadda yake rubuta ts, ko yana bambanta ɓ, inda yake manne kalmomi. Waɗanda ba wanda ya gane su kuma, kai hotunansu Arewa House a Kaduna, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko sashen harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero a Kano, a gwada su da kwafe-kwafen da ke ajiye a can. Kwafi na biyu yakan cike gurbin da gara ta ci a naka, naka kuma yana iya ɗauke da baitocin da nasu ya rasa.